Maigidana yana ramewa, kuma ba ya son abinci

Tambaya: Likita, maigidana yana shan maganin ƙanjamau, sai kuma aka gano yana da tarin fuka wata guda da ya wuce. Daga kilo 62 ya dawo 49. Abinci ko ƙamshinsa ba ya so. In ba shi magani kafin ya ci ne ko bayan ya ci? Daga wata baiwar Allah a Agege.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, malama. Magungunan biyu kowanne da lokacinsa, kuma idan kika tsara lokutan, cin abincin ma zai zo da sauƙi.

Na tarin fuka ya fi shiga jini idan ciki babu komai. Ki ba shi bayan sallar Asuba, misali ƙarfe 6, da ruwa kawai, sai ƙarfe 7 ya karya. Idan tashin zuciya ya matsa masa, ɗan koko ko yankan burodi ba laifi, ya fi a ce ya amayar da maganin. Mai maiƙo ne ba a so a wannan lokacin.

Ga abin da na fi so ki duba yau ɗin nan. A cikin maganin tarin akwai rifamfisin, wanda ke sa hanta ta yi saurin kawar da dolutegrabir, ɗaya daga cikin magunguna uku da ke cikin ƙwayar maganin ƙanjamau da ake kira TLD. Shi ya sa ake ƙara wata ƙaramar ƙwayar dolutegrabir mai miligiram 50, awa 12 tsakaninta da TLD: idan ƙarfe 8 na dare yake shan TLD, ƙaramar ƙarfe 8 na safe ke nan. In ba a ba ku ita ba, ku koma asibiti ku tambaya. Maganin ƙarin jini da na ƙwannafi kuma suna riƙe dolutegrabir a hanji, don haka kada a ba shi su sai awa 2 bayan ya sha dolutegrabir ɗin.

Maganar abinci, kada ki ajiye masa malmalar tuwo a gaba, ganinta kaɗai zai kashe masa sha'awa. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Kunun gyaɗa mai kauri da cokali biyu na madarar gari, da hantsi dafaffen ƙwai, da rana alala ko wake da manja, da dare kifi a miya. Idan ƙamshi ke damunsa, ki bari abincin ya huce. Nono kuwa sai wanda aka tafasa madararsa.

A riƙa auna shi a kowace ganin likita, domin da nauyinsa ake lissafa yawan ƙwayoyin tarin. Idan an kai wata biyu bai fara murmurewa ba, ko yana jin zafi wajen haɗiya da fari-fari a baki, ki faɗa wa likitansa. Fitsari ya yi ja-ja aikin rifamfisin ne, kada ki tsorata. Amma idan idonsa ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.