Ƙarin maki 5: nawa ya rage in ci a jarrabawa?

Tambaya: Malam, a wani kwas ina da maki 22 cikin 40 na gwaje-gwaje, jarrabawa kuma 60 ce. Lakcaranmu ya ce zai ƙara maki 5 ga duk wanda ya yi wani aiki na ganin dama, kuma na yi. Nawa nake buƙata a jarrabawa in samu B?

Amsa: Ɗalibi, koma wurin malamin ka tambaye shi abu ɗaya: a ina zai ɗora biyar ɗin? Amsarka ta rataya a nan ne.

Mu fara da lissafi ba tare da ƙarin ba. A tsarin da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, B tana farawa daga 60. Ka cire 22 daga 60, saura 38 da za ka nemo cikin 60 na jarrabawa. Idan ana maka takardar a kan 100 ne sannan a mayar da ita 60, sai ka raba 38 da 60 ka ninka da 100. Zai ba ka 63.3, wato ka nemi 64, domin 63 ba ta kai ba.

To, idan kai tsaye ya ɗora a kan 22 ɗinka, ka koma 27. Saura 33 cikin 60, wato 55 cikin 100. Ka ga biyar ta sauke maka nauyin maki fiye da 8 a takardar jarrabawa, saboda kowane maki ɗaya na takardar 0.6 kawai yake zama a jimilla. Wannan ita ce hanya mafi riba gare ka.

Inda ɗalibai ke ruɗewa shi ne idan an ɗora ƙarin a kan ɗanyen makin gwaji. A ce gwajin an maka shi a kan 50, daga baya aka matse shi ya koma 20. Biyar ɗin ma sai an matse ta: 5 sau 20 a raba da 50, ta koma 2. Makinka ya zama 24, saura 36 cikin 60, wato 60 cif cikin 100. Mutum ya shiga ɗakin jarrabawa da lissafin 55, ya ci 57 yana murna, sakamako ya fito ya ga C. Abin yana damuna, don ba ƙoƙari ya gaza ba, lissafi ne ya karkace tun farko.

Idan kuma a takardar jarrabawar zai ƙara, 59 cikin 100 ta wadatar.

Akwai iyaka: makin gwaje-gwaje ba ya wuce 40, don haka mai 38 biyu kawai zai mora.

Shawarata, har sai ka ji daga bakinsa, ka yi shiri a kan 64. Kada kuma ka fid da rai da A, wadda ke farawa daga 70: in biyar ɗin ta shiga cikakkiya, 43 cikin 60 kake nema, wato 72 cikin 100, maimakon 80 da za ka nema in babu ita.