Yarona yana gudawa, kuma yana amayar da ruwan gishiri da sukari

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarona ɗan wata 14 ne, tun jiya yake zawo kamar ruwa, yau kaɗai ya yi sau shida. Kakarsa ta ce haƙori ne, zai wuce. Na sayo filajil a kemis, na kuma haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, amma da ya sha sai ya amayar. Da muka je awo kwanan baya kilo 9 ne. Me zan yi? Daga wata uwa a Talata Mafara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Kafin ki ƙara ba shi komai, ɗauke shi ki fito da shi inda akwai haske, ki dube shi da kyau, domin abin da za ki gani shi zai nuna miki ko jinyar gida za a yi ko asibiti za a nufa yanzu.

Ki fara da idonsa, ko ya zurma fiye da yadda kika san shi. Ki miƙa masa ruwa a kofi ki ga ko zai rarumo yana sha kamar wanda ya kwana da ƙishi. Sannan ki kwantar da shi rigingine, ki kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefen ciki da babban yatsa da manuniya, ki ɗaga ta na daƙiƙa ɗaya ki saki. Fatar yaron da ke da isasshen ruwa nan take take komawa. Idan ta ɗan tsaya kafin ta kwanta, ruwa ya ragu. Idan cikin waɗannan, tare da yawan rigima da rashin natsuwa, kin samu guda biyu, jikinsa ya fara bushewa. Ki lura da fitsari kuma: yaron da ya wuni bai jiƙa wando ba yana cikin ƙarancin ruwa. Maɗigar da ta faɗa ita ma alamar hakan ce. Ba a shafa mata magani, da ruwa ya koma jiki za ta taso da kanta.

Akwai wanda ba a jira da shi ko kaɗan. Yaron da ya yi laushi, ana tashinsa yana komawa barci, ko ya kasa sha, ko fatar cikinsa ta wuce daƙiƙa biyu a tsaye, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata. Uwaye da dama sukan ce Alhamdulillah ya samu barci, alhali ƙarfin kukan ne ya ƙare. Wannan shirun ya fi kukan ba ni tsoro.

Sai haɗin. Ledar da aka rubuta ORS a jikinta yawanci ta lita ɗaya ce, amma ki karanta ki tabbatar, don akwai ƙanana. Lita ɗaya ita ce fiya wata biyu, tunda kowace mililita 500 ce. Idan ruwan rijiya ne ko na rafi, a tafasa a bar shi ya huce. Ki juye garin duka cikin ruwan duka. Na taɓa karɓar yaron da aka zuba masa leda guda cikin ƙaramin kofin shayi, wai don maganin ya yi ƙarfi. Gishirin ya yi masa yawa, ya iso mana yana fizge-fizge. Kada a rage ruwa, kada a ƙara sukari ko madara. Ki rufe haɗin, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Aman da yake yi, galibi daga saurin ba shi ne. Cikin da ke ciwo ba ya ɗaukar kofi guda a tashi ɗaya. Idan ya yi amai ki dakata minti goma, ki dawo da cokalin shayi, cokali ɗaya duk bayan minti biyu zuwa uku. Ko yana ɗan amayarwa, mafi yawan abin da ya sha yana zama a ciki.

Idan ba ki ga alamun bushewa ba, bayan kowane zawo ki ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kwata zuwa rabin kofin shayi. Idan kin ga alamu biyun nan, lissafin ya canza: mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa, cikin awa huɗu. Kilo 9 sau 75 ya ba da mililita 675, kamar fiya wata ɗaya da sulusin wata. A awa guda ya kama kusan cokalin shayi 34, kenan cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko ƙasa da haka kaɗan. Aikin zama ne, ki bar wa wani girki da shara. Na fi son a yi wannan awa huɗun a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a gaban ma'aikacin lafiya, amma ki fara tun daga gida, ki ci gaba a kan hanya. Bayan awa huɗun a sake duba ido da fatar ciki. Idan fatar idonsa ta kumbura, ya samu fiye da buƙata, a dakata da haɗin a koma nono da ruwa zalla.

Wannan ruwan ba ya tsayar da gudawa, mayar da abin da ke zuba yake yi, kada ki ga zawo bai tsaya ba ki ce bai yi aiki ba. Wanda ke rage kwanakin ciwon da tsananinsa shi ne zinki. Yaron da ya kai wata shida ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 yake sha kullum, wanda bai kai ba rabinta. Ki sa ƙwayar a cokali da ɗan ruwan nono ko ruwa mai tsabta, za ta narke. A sha kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku, domin cika kwanakin ne ke kare shi daga sake kamuwa na wata biyu zuwa uku. Yakan tayar da zuciya, don haka ki ba shi bayan ya ɗan ci wani abu.

Filajil ɗin ki ajiye shi. Yawancin gudawar ruwa a yara irin nasa ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kuma filajil ba ya taɓa ta, sai ma ya ƙara masa tashin zuciya. Maganin tsayar da zawo na manya haɗari ne ga yaro. Lemon kwalba ma a bar shi, yawan sukarinsa ƙara zawo yake. Nono kuwa a ƙara, a ci gaba da kunu, fate da ayaba kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Maganar Inna kuma, ki lallaba ta cikin ladabi. Gaskiya ne lokacin haƙori yara sun fi gudawa, amma saboda lokacin ne suke rarrafe suna kai komai baki. Ki nuna mata gwajin fatar cikin ta gani da idonta, ki miƙa mata cokalin ku riƙa karɓar juna.

Ki tafi asibiti ba tare da jira ba idan kin ga jini a bayan gidansa, ko zazzaɓi ya shiga, ko komai ya sha sai ya dawo, ko kwana uku sun cika babu sauƙi. Haka idan zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina ko ana amai da gudawa a unguwa, domin kwalara kan ƙarar da ruwan jikin yaro cikin 'yan awanni. In kuma dama yana da tamowa, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada ki bi lissafin 675 ɗin nan a gida: gwajin fata kan yaudari mutum a jikin irin wannan yaron, kuma haɗin da ake ba su a asibiti daban ne.