Kuɗin makarantar yara uku yana cinye min jari duk Satumba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Yarana uku suna makarantar kuɗi: babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, N70,000 duk zango, ƙannenta biyu suna aji biyar da aji biyu na firamare, N45,000 kowanne. A Satumba littattafai da yunifom da takalma suna cin wajen N120,000, sauran zangunan biyu kamar N30,000. Duk komawa makaranta sai na karyar da kaya ko na taɓa jari. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya zuri'a.

Makaranta tana karɓar kuɗinta sau uku a shekara, kai kuwa ciniki kullum yake shigo maka. Maganin abin shi ne ka mayar da kuɗin makaranta na kullum, kamar kuɗin cefane. Amma kafin ka yanka abin da za ka riƙa cirewa, ka lura zangunan nan uku ba nauyinsu ɗaya ba.

Da alƙaluman da ka bayar, Janairu zai ci N190,000, zango na uku da ake komawa wajen ƙarshen Afrilu ma haka, Satumba kuwa N280,000. Sai dai kada ka yi lissafin Satumba mai zuwa da farashin bana, domin a farkon shekarar karatu makarantu suka fi yin ƙari, kuma a lokacin ne littattafai ke canzawa. Ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya zama N336,000. In ƙarin bai kai haka ba, ka samu rara. Ka haɗa ukun, N716,000 ke nan. Ka raba da kwana 300, saboda akwai ranakun da ba a buɗe shago, ga hutun sallah, ga ranar biki ko rasuwa, sai ka ga kusan N2,400 ne a rana. Ka fara cirewa washegarin ranar da ka gama biyan Satumba.

Ga inda mutane suke zamewa. Tsakanin zango da zango kwanan kasuwa ɗari ne ko kusa da haka, wato N240,000 za ta taru. A Janairu ka biya N190,000, sai ka ga N50,000 a zaune. A Afrilu wata N50,000 ta sake zama. Zuciya za ta ce maka ai makaranta ta sallame ka, ga sabon zane ya shigo kasuwa, sa kuɗin ka juya kafin lokaci. Kuɗin nan ba rara ba ne, na Satumba ne da ya iso da wuri. Tarin Mayu zuwa Agusta shi kaɗai N240,000 ne, bai isa ba; sai an haɗa da waccan N100,000 ake samun N340,000 da za ta rufe bakin N336,000. Wanda ya taɓa ta zai shekara yana tari, kuma Satumba ta same shi yana karyar da atamfa kamar da.

Saboda haka kada kuɗin su kwana a aljihun da kake ba da canji. Buɗe musu asusu daban wanda ba ka ba kwastoma lambarsa, kuma kada ka karɓi katin cire kuɗi. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Adashi ma yana aiki, da sharaɗin ka nemi kwasarka ta faɗo a Agusta tun ranar da ake tsara layi, kuma kada ka zuba duka a can, don in mutum biyu suka makara da zubi, mai makaranta ba zai saurari labarin uwar adashi ba. Mai karɓar ajiyar kullum kuwa, bisa al'ada zubin kwana ɗaya yake ɗauka a wata a matsayin ladansa. A lissafinka kusan N29,000 ke nan a shekara, fiye da rabin kuɗin zangon ƙaramin yaronka.

Na san kasuwar atamfa ba ta tafiya bai ɗaya. A azumi da gabanin babbar sallah ka ninka abin da kake cirewa, domin ya cike ramin damina lokacin da layi ke yin tsit. Ka kuma je ka zauna da mai makarantar a tsakiyar zango, ba ranar da ake korar yara ba. Uba mai yara uku yana da bakin neman ragin 'yan'uwa, ko a raba masa na Satumba gida biyu.

Sai maganar shekaru masu zuwa. Ɗauki takarda ka rubuta ajin kowane yaro shekara bayan shekara, za ka ga abin da tazarar shekara uku-uku ta shirya maka. Nan da shekara huɗu babbar tana ajin ƙarshe na sakandare, da rajistar WAEC da NECO da JAMB a kanta, na tsakiya yana aji uku na ƙaramar sakandare yana zana tasa jarrabawar, ƙaramin yana aji shida. Shekarar da ke biye ta fi wannan nauyi: ɗaya za ta shiga jami'a in Allah ya yarda, ɗaya babbar sakandare, ɗaya ƙaramar sakandare, kowa da kuɗin shiga da sabon yunifom. N2,400 ɗinka ba ta san da waɗannan shekaru biyu ba. Suna bukatar tari na biyu, ko da N500 ce a rana, wadda a shekara huɗu za ta kai N600,000.

Wannan tari na biyu bai kamata ya zauna a tsabar naira ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da aka ajiye shekara guda ya rasa kusan rubu'in ƙarfinsa. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017, ana shiga da N10,000, yana biyan haya sau biyu a shekara, ba kuɗin ruwa ba. Amma wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, in ka bukaci kuɗin kafin nan sai ka sayar ta hannun dillalin hannun jari a farashin ranar. Kiwon tumaki a ƙauye yana bin farashi, in akwai amintaccen mai kula. Ajiyar hatsi daga kaka zuwa damina tana faɗowa daidai da Satumba, shi ya sa take jan hankali, sai dai waɗanda suka ajiye masara suka shiga 2025 da ita sun ga farashi ya faɗi ƙasa. Ka raba ƙafa, kuma ka tambayi malaminka batun zakka in tarin ya kai nisabi ya shekara.

Akwai gwajin da zan so ka yi wata uku na farko. In kana cire N2,400 kullum amma kayan shago suna raguwa, ko ka koma karɓar kaya bashi a wajen dila fiye da da, to daga jari kake cirewa, ka dai daina ganin abin ne saboda ya zama kaɗan-kaɗan. A ganina, in kuɗin makaranta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ribar da shago ke bari bayan haya da albashin yaran shago, makarantar ta fi ƙarfin shagon. Lokacin sauya ta shi ne ƙarshen aji shida ko ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, inda dama ana canza yunifom da littattafai. Badi babbar da na tsakiya duk suna kan wannan gaɓa.