Karɓar kaya bashi wurin sabon dila: shaida daban, lamuni daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, Kumasi, shekara 2 ke nan, bayan shekara 3 da na yi ina yaron shago. Wani dila a Adum ya yarda ya riƙa ba ni shinkafa bashi na kwana 30. Buhu sidi 600 ne kuɗi hannu, 630 in bashi ne, kuma buhu 40 nake so. Ya ce in rubuto takardar gabatar da kaina da sunan mutum biyu da suka san ni. Zan iya rubuta shekara 5? Zan iya sa sunan kawuna ban gaya masa ba? A fom ɗinsu kuma akwai ƙarin kashi 3 cikin ɗari kowane wata ga wanda ya makara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Sayen kaya zuwa ajali halal ne. Annabi (SAW) ya sayi abinci bashi wurin wani Bayahude, ya jinginar masa da sulkensa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha. Rubuta bashin kuwa aya ta 282 a Suratul Baƙara ce ta yi umarni da shi. Ƙarin sidi 30 a kan buhu ma babu laifi a wurin jumhurun malamai, muddin kun tsaya a kan farashi ɗaya kafin a ɗora kaya a mota: buhu 40, sidi 25,200, rana kaza ga wata kaza. Kada ku rabu a kan "sai mun gani".

Shekara 5 ɗin nan, kada ka rubuta. Dila da shekarun shago yake auna nawa zai saki, in ka haɗa shekarun maigidanka da naka ka sayi yardarsa da algus, kuma Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Rubuta gaskiyar, ta ma fi kyan gani: shekara 3 a hannun maigida, shekara 2 da shagon kanka, ga wurin da shagon yake, ga takardar rajista in kana da ita, ga buhu nawa kake sayarwa a wata kamar yadda littafinka ya nuna.

Maganar kawu ce ta fi tsaya mini a rai, don na sha zaman sulhu a kanta a zongo. Mai ba da shaida aikinsa ya faɗi abin da ya sani: yaron nan yana biya, ko yana jan ƙafa. Bashi ba ya hawa kansa. Mai lamuni kuwa, wanda fom ke kira garanto, ya ɗauki bashin a wuyansa, kuma hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce mai lamuni shi ne mai biya. Na ga dattijo ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, yana zaton shaida ya bayar, sai ga mutanen dila a ƙofar gidansa bayan sallar Asuba. Saboda haka ka je ka sami kawunka, a karanta masa layin da sunansa zai hau, a fassara masa. In lamuni ne, faɗa masa adadin, sidi 25,200, kuma a rubuta cewa iyakarsa ke nan. In an bar shi a buɗe, bashin watanni masu zuwa ma zai iya bin sa. Lamuni ba ya ƙulluwa sai da yardar mai shi, kuma bai halatta ya karɓi lada a kansa ba.

Shi ma wanda dila zai kira ya ji tsoron Allah. In ya san ka taɓa makara, ya faɗa daidai gwargwado, wannan nasiha ce ga mai neman shawara, ba giba ba ce. Tsohon maigidanka da dilan da ka taɓa saye a wurinsa sun fi ɗan'uwa amfani a nan, don su suka ga hannunka a kan kuɗi.

Sai kashi 3 ɗin. Wannan riba ce ƙarara: sidi 756 a wata a kan bashin da ya riga ya tabbata, ba don wani kaya ba sai don jinkiri. Bambancinsa da sidi 30 na farko shi ne wancan farashin kaya ne da aka yanke lokacin ciniki. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma ta haramta irin wannan sharaɗi a zamanta na Jidda a 1990. Ko kana da yaƙinin ba za ka makara ba, kada ka sa hannu. Ka nemi a soke layin, ka ba dila abin da zai kwantar masa da hankali: jingina, ko lamunin kawu in ya yarda, ko sharaɗin a tsayar maka da kaya ranar da ka makara. In ya ƙi, fara da buhu 10 kuɗi hannu, sidi 6,000, har ya san ka, sannan ka sake tayar da maganar.

Wallahu a'alam.