An yi wa Hajiya CT, an ce ba komai, amma hannu ya ƙi motsi

Tambaya: Likita barka da aiki. Jiya da safe bakin mahaifiyarmu ya karkace, hannun dama ya saki, muka kai ta aka yi CT na kai, takarda ta fito da "No acute findings". Ƙaninta ya ce tunda na'ura ba ta ga komai ba to ba ciwon asibiti ba ne, mu koma gida. Mu tafi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Don Allah kar ku fita da ita daga asibitin nan.

Abin da mai karanta hoton ya rubuta kawai shi ne, a wannan hoton, a wannan lokacin, bai ga wani sabon abu na gaggawa ba, kamar zubar jini a ƙwaƙwalwa ko kumburin da ke danne ta. Bai ce lafiyarta ƙalau ba, shi bai ma ga Hajiya ba, hoto ya gani.

Alamun da kuka faɗa sun yi kama da shanyewar ɓarin jiki, ita kuma iri biyu ce, ko jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, kuma toshewar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Jini idan ya zuba CT na nuna shi nan take, fari tas. Toshewa kuwa a awannin farko sau da yawa hoton fes yake fitowa, sai an kwana wurin da ya lalace ya fara yin duhu, in ƙarami ne ma ko a can ƙasan ƙwaƙwalwa yana iya ƙin fitowa sam sai an yi wani hoton da ake kira MRI. Dama dalilin yin CT da wuri kenan, a tabbatar ba jini ba ne kafin a ba da asfirin ko maganin narkar da gudan jini, shi wannan na biyun ma galibi cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon ake ba da shi.

Maganar kawunku kuwa wallahi kullum sai na ji ta kuma ta ishe ni. Da an ce hoto bai nuna ba sai a ce iska ce ko sammu, a ɗauke mutum a kai wa wani mai magani a lungu, ya yi ta hayaƙi yana ɗura mata jiƙe-jiƙe alhali mai irin wannan ciwon haɗiya ma gagararta take, ruwan ya wuce huhu, bayan kwana uku a dawo mana da ita da zazzaɓi da nimoniya an kuma daina maganin hawan jini. Ba wanda ya hana addu'a, a yi mata a kan gadon asibiti.

Ku nemi likitan da ke duba ta, ku tambaye shi ko za a maimaita CT ko a yi MRI, an auna suga, an yi ECG don duba bugun zuciya? Kuma kar a ba ta ko kunu ta baki sai an gwada haɗiyarta.