Hotunan kayan ɗakin da aka turo miki: yadda za ki gane na mai su ne ko na sata

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin aurar da 'yata, sai na ga wata mai sayar da kayan ɗaki a Facebook, ta ce a nan Sakkwato kafintocinta suke haɗa su. Ta turo mini hotunan gado da kujeru masu kyau ƙwarai, ta ce in tura rabin kuɗi kafin a fara aiki. An ce mini akwai hanyar da ake bincika hoto a gane ko na sata ne. Don Allah yaya ake yi? Kuma ko ana iya yi wa hoton mutum, domin akwai wani da ke neman ƙanwata ta intanet?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Hanyar tana nan kuma kyauta ce, da wayar da ke hannunki za ki yi ta, amma ina so ki riƙe abu ɗaya tun daga farko: wannan bincike yana iya kama maƙaryaci, sai dai ba ya iya wanke kowa. Idan kika ga hoton a wani wuri, kin samu hujjar da za ki auna. Idan ba ki gan shi ba, ba ki samu komai ba tukuna, kuma a nan ne mutane da yawa suke sakin jiki har a cuce su.

Ki fara da adana hotunan a wayarki yadda aka turo su. Kada ki ɗauki hoton fuskar wayar gaba ɗaya da agogo da alamar caji da rubutun hira a ciki, domin duk wannan tarkace yana rikitar da binciken. Sai ki buɗe manhajar Google, ki taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin rubutu, wato Google Lens, ki zaɓi hoton. Abin da zai fara nuna miki shi ne hotuna masu kama da naki, gadaje iri-iri masu launi ɗaya da shi, kuma waɗannan ba su ne kike nema ba. Ki nemi sashen da aka rubuta Exact matches, domin a can ne ake jero shafukan da ke ɗauke da wannan hoton shi kansa. Bayan haka ki buɗe tineye.com, ki ɗora hoton a can ma, idan sakamako ya fito ki canza tsarin jerin zuwa Oldest, sai ya sa mafi daɗewa a sama. TinEye yana aiki tun 2008, rumbunsa bai kai na Google girma ba, amma ya fi shi sauƙin nuna kwanan wata. Ki sani cewa kwanan watan da yake nunawa ranar da shi ya fara cin karo da hoton ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba, saboda haka hoton yana iya girme wa wannan rana, amma ba zai yiwu ya zama ƙaninta ba.

Bari in ba ki misali da wani aiki da na taya wata maƙwabciyarmu a unguwar Mabera da ke nan Sakkwato, domin ya yi kama da naki sosai. Mai sayarwar ta turo mata hotuna huɗu, ta ce aikin yaranta ne na watan da ya gabata, an kai wa wata amarya a unguwar Arkilla. Hoton farko, gado mai babban allo da madubi a gefe, bai fito ko'ina ba da muka ɗora shi yadda yake. Da muka duba da kyau sai muka lura an liƙa sunan shagonta da lambar waya da manyan haruffa a tsakiyar hoton, an kuma zagaye shi da wani ado na furanni. Muka yanke gefunan, muka ja akwatin zaɓi na Lens ya tsaya a kan allon gadon kaɗai, nan ma ba a samu wanda ya dace ba. Sai muka juya hoton a wurin gyaran hoto na wayar, dama ta koma hagu, muka sake ɗorawa. Nan take ya fito a shafin wani kamfanin kayan ɗaki na garin İnegöl a ƙasar Turkiyya, garin da ya shahara da wannan sana'a, kuma hoton can ya fi nata girma da haske, har ana ganin taga da fitilar rufi waɗanda ita ta yanke. TinEye kuwa ya nuna ya san hoton shekaru kafin watan da ta ambata.

Abubuwa biyu ne suka tabbatar da satar, kuma su nake so ki riƙa nema. Na farko tsufa: ba zai yiwu a ɗauki hoto a watan jiya a Arkilla ba alhali yana yawo a intanet tun shekarun baya. Na biyu faɗi da haske: mai asalin hoto shi ne yake da cikakkensa, wanda ya kwafa kuwa sai dai ya rage, ba ya iya ƙaro tagar da babu a nasa. Duk inda kika ga kwafi biyu, ɗaya yankakke mai dishi-dishi, ɗaya cikakke mai haske, to yankakken shi ne ya biyo baya. Juyawa da yankewa da liƙa rubutu dabaru ne da masu satar hoto suka sani, shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa, sai kin gwada hoton yadda yake, kin gwada a yanke, kin kuma gwada a juye.

Ko ba a samu komai a bincike ba, idonki ma yana da aikin yi. A hoto na biyu na waccan matar, da muka buɗa shi sosai, mun ga soket ɗin bango zagayayye ne mai huda biyu, alhali namu na gidajen Najeriya mai baki uku ne. A ƙarƙashin taga kuma akwai ƙarfen ɗumama ɗaki irin na ƙasashen sanyi, abin da ba wanda zai kafa a ɗakin amarya a garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40. Ki duba tayil, da ƙofa, da rubutun da ke jikin kwali ko kalanda, da abin da ake hangowa ta taga. Mai sayarwa na gaske, yawanci za ki ga hotunansa duk a wuri ɗaya aka ɗauke su, bango ɗaya, ƙasa ɗaya, wani lokaci har da garin katako a gefe. Wanda kowane hotonsa yake da nasa gida da nasa haske, to tsince-tsince ya yi.

Sai dai kada ki yi saurin yanke wa matar hukunci don kawai hoton ya fito a wani shafi. Kafintoci da masu ɗinki da yawa suna nuna hoton kamfani a matsayin samfuri, su ce za su yi irinsa, masu sarin kaya kuma suna amfani da hoton wanda suke saro wa. A ganina wannan ba damfara ba ce muddin an faɗa, ko da yake abin da za a kawo miki zai iya bambanta da na hoton. Saboda haka kafin ki nuna mata abin da kika gano, ki tambaye ta a rubuce: wannan hoton aikinku ne da hannunku, kuma a ina aka ɗauke shi? Idan ta ce samfuri ne, sai ki nemi hoton aikinsu na gaskiya. Idan ta rantse nasu ne alhali kin gan shi a Turkiyya, magana ta ƙare, kada ki tura ko sisi, kuma ba sai kin tsaya gardama da ita ba. Haka kuma yana yiwuwa ita ce mai asalin hoton wasu suka sace mata, abin da tsufa da faɗin hoton za su nuna miki.

Dalilin da ya sa na ce rashin samu ba wanki ba ne shi ne, waɗannan injunan suna ganin abin da ke buɗe ga kowa ne kawai. Ba sa shiga WhatsApp, ba sa ganin rufaffun shafuka, kuma mafi yawan abin da ke cikin Facebook da Instagram da TikTok ba ya cikin rumbunsu. Mutum zai iya kwashe hotunan wani kafinta na Kano daga status ɗinsa, ko ya ciro hoto daga cikin bidiyo, ki bincika har ki gaji ba za ki same shi ba. Yanzu kuma ana ƙirƙirar hoto da ƙirƙirarriyar basira, wanda ba a taɓa ɗaukarsa a ko'ina ba balle a same shi.

Game da mai neman ƙanwarki, matakan ɗaya ne, amma sakamakon ya fi rauni. Google ya taƙaita binciken fuskar mutane da gangan, shi ya sa idan kika ɗora hoton namiji sau da yawa sai ya kawo miki masu sayar da hula da shadda irin waɗanda ya sa. Zai kama shi ne idan hoton na wani sananne ne, ko soja, ko likita, ko ɗan kasuwa da aka taɓa bugawa a buɗaɗɗen shafi da wani suna daban. Yandex, a yandex.com/images, ya fi kawo fuskoki masu kama, amma a nan sai an yi hattara, domin kama ba ita ce shaida ba, sai kin ga tufafi ɗaya da wuri ɗaya da tsayuwa ɗaya. Ki gwada duk hotunan da ya turo, har da na mota da na gida, domin sau da yawa a waɗannan ake kama su. Idan kika sami ainihin mai hoton da wani suna, ki tuna shi ma zaluntarsa aka yi, kada a yaɗa fuskarsa a ce ga ɗan damfara.

Abin da ya fi binciken ƙarfi shi ne ki nemi abin da ba a iya sata. Ga mai kayan ɗaki, ki ce ta kira ki ta bidiyo daga wurin aikin, ta zagaya gadon, ta buɗe durowa, ko ta rubuta sunanki da kwanan watan yau a takarda ta ɗora a kan kujerar ta ɗauka. Tunda ta ce a Sakkwato suke, ai tafiyar ɗan sahu ce, ki tura ɗanki ko ƙaninki ya ga wurin da idonsa kafin a ba da kafin alƙalami. Ranar biya kuma ki duba sunan da banki ya nuna kafin ki danna turawa, idan ya saɓa da sunan da ta ba ki ki dakata ki nemi bayani. Shi kuwa manemin, idan kullum kyamararsa a lalace take, ko yana wurin aikin da aka hana kiran bidiyo, sannan ya fara maganar kuɗin mota ko kuɗin fito da kaya, a ce masa ya turo magabatansa gida su gana da iyayenta, kuma kada ta tura masa kuɗi ko hotunanta kafin hakan.