Ƙirga amsoshin bincike da PivotTable bisa rukunin shekaru da jinsi

*"Ina da amsoshin mutum 300 a Excel, akwai shekaru da jinsin kowa. Yaya zan ƙirga su rukuni-rukuni?"*

Malam, fara tabbatar da cewa kowane ginshiƙi yana da suna a layin farko. Danna cikin bayanan, ka zaɓi Insert, sannan PivotTable. Ja Shekaru zuwa Rows, Jinsi zuwa Columns, Amsa zuwa Values. Duba ko Count aka rubuta a wurin. In amsoshin lambobi ne, Excel zai sa Sum ya tara su, sai ka gyara a Value Field Settings.

Don haɗa rukuni, danna maɓallin dama a kan ɗaya daga cikin shekarun ka zaɓi Group. Sa 18 a Starting at, 10 a By, sai ka ga 18-27, 28-37, har ƙarshe. Idan ya ce "Cannot group that selection", to mai yiwuwa wani ya rubuta "shekara 25" maimakon 25 zalla. Gyara wannan, ka danna Refresh.

In Mace ta fito sau biyu, akwai gurbi a bayan kalmar da ido ba ya gani. Cire shi a sabon ginshiƙi. In Jinsi yana ginshiƙin C, rubuta:

```
=TRIM(C2)
```

Ja formular har layin ƙarshe, ka kwafi sakamakon ka liƙa shi a ginshiƙin Jinsi ta Paste Values, sannan ka danna Refresh.

Grand Total ya kamata ya ba 300. In ya gaza, wasu sun bar amsa fanko. Amma kafin ka ce sakamakon ya wakilci al'umma gaba ɗaya, nuna wa masanin ƙididdiga.